Ƙara girman hoton kwastoma: shafin intanet na kyauta ko manhajar kwamfuta?

Tambaya: "Ina da shagon wanke hoto da buga kalanda. Yawanci ta WhatsApp ake turo min hotuna, ƙanana, kuma a ce a saka a firam babba. Ina amfani da shafukan intanet na kyauta masu ƙara girman hoto, amma wani ya manna min tambarinsa, wani ya ce hoton ya yi nauyi, wani ya nemi kuɗi. In koma manhajar kwamfuta ne, ko duk ɗaya ne?"

Amsa: Malam, ba ɗaya ba ne, kuma ga mai sana'a irin taka shawarata ita ce ka koma kwamfuta, ka bar shafukan intanet ga aikin da babu fuskar kowa a ciki. Sai dai ba don hoton da kwamfuta ke fitarwa ya fi kyau a kullum ba. Sau da yawa injin ɗaya ne. Shafuka da dama suna yin aikin ne a kan sabarsu, wato manyan kwamfutocinsu, da samfurin AI mai suna Real-ESRGAN ko danginsa, wanda masu bincike a kamfanin Tencent suka saki kyauta a 2021, kuma shi ne dai tushen manhajar Upscayl da za ka sauke a kwamfutarka ba tare da biyan ko sisi ba. Abin da ya raba su shi ne wa ke riƙe da hoton, wa ke yanke girman da zai fito, da kuma ko kana da ikon ja da baya in injin ya wuce gona da iri.

Bari mu ɗauki aikin da ka fi samu. An turo maka hoton wani dattijo da ya rasu, 'ya'yansa na son firam mai inci 12 da 16 don a rataya a falo. Ka danna hoton da maɓallin dama na mouse a kwamfuta, ka shiga Properties, sannan Details, ka ga 960 x 1280. Raba 960 da inci 12, za ka samu 80. Wato ɗigo 80 ne kacal zai faɗa kan kowane inci na takarda. Hoton da ake riƙewa a hannu, irin na albam, ana so ya kai 300. Na bango da ake kallo daga taku biyu ko uku, 200 ya wadatar, ko 150 ma yana shigewa. A 80 kuwa fuska za ta fito dishi-dishi, gefen hula ya yi tsani-tsani. Don haka kana buƙatar aƙalla 2400 x 3200, ninki biyu da rabi ke nan ta kowane gefe. In ka ninka sau huɗu za ka samu 3840 x 5120, ɗigo 320 a inci, ya ma wuce buƙata.

Wannan lissafin shi ke fallasa iyakar shafukan kyauta. Hoton asali ɗigo miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da 'yan kai ne, wanda aka ninka sau huɗu kuwa ya doshi miliyan ashirin. Sarrafa irin wannan yana cin katin girafik mai tsada, kuma mai shafin haya yake biya. Dole ya toshe wata kafa. Wani ya taƙaita nauyin fayil ɗin da za ka ɗora, wani ya taƙaita faɗi da tsawo, wani ya ce ninki biyu kawai ne kyauta, wani ya ba ka hotuna kaɗan sannan ya rufe ƙofa sai ka biya. Tsohon shafin waifu2x, wanda ya fito a 2015 kuma aka gina shi don zanen katun na Japan, ya daɗe yana rubuta iyakarsa ƙarara: megabait 5, faɗi da tsawo kada su wuce 1500 in ana son ƙarin girma, kuma ninki biyu ne ƙarshe. Da irin wannan iyaka dattijon naka zai tsaya a 1920 x 2560, ɗigo 160 a inci. Za a iya bugawa, amma ba ka da sauran sarari in kana son yanke gefe ka matso da fuska.

Iyakar da aka faɗa maka tun farko ba ta da illa sosai. Wadda ta fi cutarwa ita ce wadda ba a faɗa ba. Akwai shafin da zai karɓi babban hoto ba musu, ya rage shi a ɓoye zuwa girman da sabarsa ke ɗauka, sannan ya ninka. Ka ɗora mai faɗi 3000, ya mai da shi 1500, ya ninka biyu, ya dawo maka da 3000 ɗin da ka ba shi, amma yanzu kashi uku cikin huɗu na ɗigon cikinsa ƙirƙira ce. Akwai kuma wanda zai yi aikin da kyau, sai wajen saukewa ya matse shi a JPEG mai ƙarancin inganci don ya rage wa kansa data, ka ga sararin sama ko farin bango ya yi layi-layi. Hanyar ganewa ɗaya ce kuma ba ta da wuya: duk abin da ka sauke, koma Details ka duba lambobin, ka kuma duba nauyin fayil. Hoto mai ɗigo miliyan ashirin da nauyinsa bai kai megabait ɗaya ba, an matse shi matuƙa.

Batun tambari ba shi da tsawo. Talla ce, kuma hanya ce ta tura ka biya. Yawanci sai an nuna maka sakamako mai kyau a allo, ka sa rai, sannan wajen saukewa a ce ko ka karɓi mai tambari, ko ƙarami, ko ka biya da kati a dala. Abin da zan hana ka shi ne ɗaukar mai tambarin ka kai wani shafin don a goge. Ka ɗora hoton mutane a hannu na biyu ke nan, kuma wurin da aka goge zane ne aka cike, ba rigar mutumin ba. In tambarin ya ratsa aikin wuyan babbar riga, za ka gane facin ko daga bakin ƙofa. Ko da shafin bai sa tambari ba, duba sharuɗɗansa, domin wasu sun ware sakamakon kyauta ga amfanin kai kawai, ba na kasuwanci ba, kai kuwa sayarwa kake yi.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne sirri, don hotunan ba naka ba ne. Amarya da ta turo hoton kamunta ko na lalle don a yi sitika, ta ba ka ne kai, ba ta san cewa za ka aika shi wata saba a ƙasar da kai ma ba ka sani ba. Da yawan shafuka suna rubuta cewa suna goge hoto bayan 'yan awanni ko kwana ɗaya. Mai yiwuwa gaskiya ne, amma ba ka da hanyar tabbatarwa, kuma "muna gogewa" ba daidai yake da "ba ma horar da injinmu da shi" ba. Nemi wannan jimla ta biyu a shafin Privacy Policy nasu. In babu ita, ko ka ga sun ba kansu lasisin amfani da abin da aka ɗora don inganta hidimarsu, to ka san inda aka dosa. Akwai gwaji ɗaya da nake ba masu shago: bayan shafi ya gama aiki, kwafe adireshin hoton da ya fito, ka buɗe shi a wata wayar da ba ta shiga asusunka ba. In ya buɗe, duk wanda ya samu adireshin zai ga hoton. Sake gwadawa bayan kwana biyu, ka ga ko alƙawarin gogewar ya cika.

Ban da fuska, fayil ɗin kansa yana ɗauke da bayani a ɓoye, wanda ake kira EXIF: irin wayar, ranar ɗauka da lokaci, wani sa'in har da daidai wurin da aka tsaya in an kunna GPS. Hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto yakan zo babu wannan, amma wanda aka turo a matsayin Document ko aka kwafo da kebul yana nan da kayansa cif. In dole sai ka ɗora, wanke shi tukuna da ExifTool:

```
exiftool -all= hoto.jpg
```

Tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, kuma hoton da ake gane mai shi yana cikin bayanan da take karewa. Amma ko babu doka, ka san abin da zai faru da sunan shago a unguwa ranar da hoton matar wani ya bayyana inda bai dace ba aka ce daga wurinka ya fita. Katin shaida, takardar NIN, fasfo, sakamakon jarrabawa, hotunan yara, waɗannan kada su je kowane shafi ko da sau ɗaya.

A nan akwai wani abu da ke rikita mutane: ba kowane shafi ne ke ɗauke hoto ba, kuma ba kowace manhajar kwamfuta ce ke barinsa a gida ba. Wasu shafukan suna sauke samfurin cikin burauzarka su yi aikin a kan na'urarka. Wasu manhajojin kwamfuta kuma, har da masu tsada, suna da maɓallin da ke tura aikin sabarsu. Kashe data shi ke raba gardama. Buɗe shafin ko manhajar, gwada hoto ɗaya maras muhimmanci don duk abin da zai sauka ya sauka, sannan cire intanet ka sa na biyu. In ya yi, a gida ake aikin.

Yanzu inganci, wanda nan ne masu shago suka fi ƙonewa. In ka ninka hoto sau huɗu ta kowane gefe, ɗigonsa ya ninku sau goma sha shida. Ɗaya ne daga kyamara, goma sha biyar injin ne ya cike. Ba ya tono abin da ya ɓace, domin abin ba ya cikin fayil ɗin. Yana hasashe ne daga dubban hotunan da aka horar da shi da su, kamar mai zanen da aka yi wa kwatancen mutum bai taɓa ganinsa ba. A 2020 aka gwada wani tsari mai suna PULSE da hoton Barack Obama da aka dusashe, sai ya fitar da fuskar Bature. Manhajojin yanzu sun fi wancan nesa ba kusa ba, amma halin bai canza ba: abin da injin bai saba gani ba, yakan mai da shi abin da ya saba.

Koma kan dattijonmu. Buɗe sakamakon a 100%, ka ajiye na asali a gefe. Fara da kunci. In yana da zane, bille ko tsagar gado, duba ko tana nan, domin injin gyaran fuska yakan ɗauke ta a matsayin ƙarzuwar takarda ya share. 'Ya'yansa za su kalli hoton su ce ya yi kyau amma ba Baba ba ne, wani lokaci ba za su ma iya faɗin abin da ya ɓata ba. Duba tabon sallah a goshi. Duba wushirya, don injin na son jera haƙora reras. Duba idanu, ko ƙwayar ta yi haske ta koma ruwan ƙasa, ko an ƙara gashin ido. Fata mai duhu a hoton da ba haske sosai takan fito sumul kamar roba, babu ƙofofin gashi, babu tamoji, mutumin shekara saba'in ya koma ɗan hamsin. Daga nan hau kan hula. Ɗinkin zanna bukar tsari ne mai maimaituwa, kuma in ɗigon bai isa ba injin yakan narkar da shi ya zama wasu tsutsotsi masu lanƙwasa. Haka aikin aska takwas a ƙirjin riga, haka furen shadda, haka leshi. Rubutu ya fi kowa shan wahala: allon shago a baya, ko ayar da ke rataye a bango, sai su koma wasu alamu masu kama da haruffa da ba sa karantuwa.

Shafin kyauta maɓalli ɗaya yake ba ka, kuma da yawansu suna haɗa gyaran fuska, irin su GFPGAN ko CodeFormer, ba tare da sun tambaye ka ba, don shi ke sa sakamakon ya burge a kallon farko. A kwamfuta kai ke zaɓa. A Upscayl za ka gwada samfura biyu ko uku a kan hoto ɗaya ka kwatanta. Na hoton gaske daban, Digital Art na zane da tambarin kamfani ne, kada ka sa shi a fuskar mutum. Lura da waɗanda aka rubuta wa Non-Commercial a gefen suna, ka guje su a aikin kuɗi. Double Upscayl kuma ka bar shi a kashe ga fuskoki, don hasashe ne a kan hasashe. Akwai Batch Upscayl, wanda zai bi folda guda ta hotunan biki ya gama kana wani aikin, abin da shafin kyauta bai cika bari ka yi ba.

Sannan ga dabarar da ta fi kowane zaɓin samfuri amfani. Buɗe Photoshop ko GIMP. Ƙara girman hoton asali ta hanyar da aka saba, da Bicubic ko Cubic, zuwa 3840 x 5120. Zai yi laushi, amma babu ƙarya a cikinsa. Ɗora wanda injin ya fitar a samansa a matsayin leya ta biyu, ka rage Opacity zuwa wajen 50 ko 60. A kan fuska ka ƙara ragewa da Layer Mask, a kan riga da bango ka bar shi da ƙarfinsa in ɗinkin bai lalace ba. Daga ƙarshe ka yayyafa ɗan Noise, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, don fatar ta daina sheƙin roba. Rage shi zuwa 3600 x 4800, wato 300 daidai a inci 12 da 16, ka adana a JPEG mai inganci 95 ko TIFF. Wannan aikin yana buƙatar cikakken fayil marar tambari, shi ya sa sakamakon shafin kyauta ba ya shiga cikinsa da kyau.

Kwamfuta ma tana da nata sharaɗin, kuma gara ka sani kafin ka ƙona data wajen saukewa. Upscayl na buƙatar katin girafik mai goyon bayan Vulkan. Masu manhajar da kansu sun ce yawancin katunan da ke haɗe cikin firosesa ba sa aiki da ita, ko da yake wasu na yi. Laftaf ɗin ofis ta hannu, irin wadda ta cika kasuwa, sau da yawa irin wannan katin gare ta. Latsa Ctrl+Shift+Esc, shiga Performance, duba GPU. In ka ga NVIDIA ko AMD Radeon mai ƙwaƙwalwar kansa, ka huta. In Intel HD ne tsoho, sabunta direba ka gwada, amma ka sa ran jinkiri, ko baƙin hoto, ko manhajar ta tsaya cak. In hoton ya fito da murabba'ai kamar tayil, ko aikin ya mutu a tsakiya, ƙwaƙwalwar katin ce ta cika. Rage Tile Size a Settings. Mai son layin umarni zai iya yin haka kai tsaye:

```
realesrgan-ncnn-vulkan.exe -i baba.jpg -o baba_x4.png -n realesrgan-x4plus -s 4 -t 128
```

Lambar bayan `-t` ita ce girman yankin da ake sarrafawa a lokaci guda, ƙaramar lamba ta fi sauƙi ga katin mai rauni. Bar `-s` a 4 da wannan samfurin, in kana son ƙasa da haka ka rage daga baya. Ka kuma tuna aikin yana zuƙe batir yana ɗumama na'ura, don haka hotuna masu yawa a jira wuta ko janareta. A ɗaya ɓangaren, sau ɗaya za ka sauke manhajar, alhali kowane PNG mai girman nan da za ka sauko da shi daga shafi zai iya cin megabait ashirin ko fiye.

Manhajojin kuɗi irin su Gigapixel na kamfanin Topaz sun fi ba da madannan sarrafawa, har da rage ƙarfin gyaran fuska. In kana biyan Adobe, akwai Super Resolution a Camera Raw da Lightroom tun 2021, ninki biyu yake yi, kuma bai cika ƙirƙira ba, ko da yake ya fi dacewa da hoto mai tsabta daga kyamara fiye da wanda WhatsApp ya tauna. Kwafin da aka fasa aka raba a filasha kuwa, ka nisance shi. Ba ma'ana ka hana shafi ganin hotunan kwastoma sannan ka shigar da manhajar da ba ka san abin da aka cusa mata ba cikin kwamfutar da duk hotunan suke.

To yaushe shafin intanet ya dace? Tambarin makaranta da za a buga a kan bana, wato ƙyallen talla, hoton kayan sayarwa, zanen fure na bayan katin gayyata, hoton gini ko mota. Babu sirri, kuma zane mai layi tsaf yana fitowa da kyau ko a shafin kyauta. Bana ma ba ta neman ɗigo da yawa: mai ƙafa 3 da 6 da ake kallo daga tsallaken titi, 72 a inci ya isa, wato 2592 x 5184. Haka in kwamfutarka ta ƙi ɗaukar Upscayl kuma aikin na gaggawa ne, kana iya amfani da shafi, amma ka gaya wa mai hoton tukuna ya amince.

Kafin duk wannan, tambayi 'ya'yan dattijon daga ina hoton ya fito. In yana cikin wayar wani, a sake turo shi a matsayin Document, ko aƙalla a danna HD, wanda WhatsApp ya ƙara a 2023. Kyamarar waya mai megafiksil 12 tana ba da 3000 x 4000, ɗigo 250 a inci a firam ɗin nan, ba ka buƙatar injin komai. In kuma hoton takarda ne aka ɗauka da waya, a kawo takardar. Mai inci 4 da 6 da aka yi wa sikanin a 600 yana ba da 2400 x 3600. Ba zai yi kaifin sabon hoto ba, amma duk abin da ke ciki na mutumin ne. In takardar mai ɓurtsi-ɓurtsi ce irin ta tsofaffin situdiyo, rage wannan ƙurjin tukuna, don injin yakan ɗauke shi a matsayin bayani ya ƙara masa ƙarfi.

Ko ta wace hanya ka bi, kada ka buga babban kai tsaye. Yanko fuskar da hular daga fayil ɗin ƙarshe ba tare da canza girma ba, 1200 x 1800, ka wanke a 4 da 6. Haka fuskar za ta kasance a firam, inci da inci. Miƙa wa babban ɗan ko matar marigayin su duba da kyau, ka tambaye su zane da haƙora da ido musamman. In sun yi jim, koma ka ƙara rage Opacity a kan fuskar ka sake wanke ƙaramin.